Hoton allo, Google Lens ko Export chat: da wanne za ka tsamo matsaya daga surutun guruf?

A ce 'yan uwa sun kwana biyu suna ja-in-ja a guruf ɗin WhatsApp kan walimar saukar Alƙur'ani, sai babban yaya ya turo maka hotunan allo goma sha biyu ya ce, "Ka fitar mana da abin da aka tsayar." Abu uku yake nema: me aka yanke, wa aka ɗora wa me, me ya rage ba amsa. Kafin ka zaɓi hanya, duba ko kana cikin guruf ɗin, ko hoton kaɗai gare ka.

In hoton kaɗai ne, karanta shi da ido da biro ya fi komai aminci, ko da yake yana cin lokaci. Hoto yana nuna abin da sauran hanyoyin ke zubarwa, wato saƙon da aka mayar wa amsa da alamar babban yatsa da aka liƙa a ƙarƙashin magana. Aibinsa shi ne dogon saƙo yakan tsaya a "Read more", saƙon murya kuma ba ka ganin komai sai tsawon daƙiƙunsa. Ranar ma takan fito a matsayin "Today" ko "Yesterday", don haka tambayi yaushe aka ɗauka. In dogon hoto ne guda, roƙi a turo shi ta Document, domin WhatsApp yana matse hoto har rubutun ya dushe.

Google Lens kyauta ne, kuma yana kwafo rubutun hoto nan take. Amma yana ruɗa masu magana. Saƙonnin wanda ya ɗauki hoton suna gefen dama ba suna, kuma in mutum ya jero saƙo uku, na farko ne kawai ke ɗauke da sunansa. Da an kwafe, sai alƙawarin wani ya koma bakin wani. Ni dai lambar akawu da jerin kayan cefane kaɗai nake kwafa da shi, su ma sai na sake dubawa.

In kana cikin guruf ɗin, Export chat ya fi. A Android, taɓa ɗigo ukun nan, sai More, sai Export chat, sai Without media. Zai ba ka fayil mai saƙonni har 40,000 na baya-bayan nan, kowane layi da rana da lokaci da suna:

```
14/02/2025, 21:07 - Ma'aji: To shi ke nan
14/02/2025, 21:09 - Kawu: <Media omitted>
```

Dubi layin farko. "To shi ke nan" ga wace magana? Fayil ɗin ba ya nuna saƙon da aka amsa, ba ya nuna alamomin yatsa. Layi na biyu kuwa wataƙila muryar Kawu ce, kuma a gidajenmu sau da yawa a muryar babba ake yanke hukunci. Dole ka koma ka saurara. Haka nan in an kunna Advanced chat privacy, wanda ya zo a 2025, fitar da hirar ba zai yiwu ba.

Ko wacce ka ɗauka, tacewar aikinka ce. A misalinmu, Yaya ya ce a yi ranar Asabar, Goggo ta ce Lahadi ta fi, can ƙasa Kawu ya ce, "A bar shi Lahadi bayan La'asar," kuma babu wanda ya sake tayar da maganar. Wannan matsaya ce, domin mai ikon yankewa ya faɗa, kuma ita ce ta ƙarshe. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar shawarar farko saboda ita ta fi tara "Ma sha Allah".

Aiki kuwa sai ya cika sharaɗi uku: suna, abin yi, da wa'adi. "Zan karɓo kujeru ɗari ranar Juma'a" aiki ne. "A nemo rumfa" ba aiki ba ne, domin wannan "a" ɗin ba ta da mai ita, kowa yana zaton da wani ake. Ko wani ya amsa da "In sha Allah", duba ko ya ce shi zai yi. In bai ce ba, rumfa ta shiga jerin abin da ya rage. Can ma za ka sa tambayar Ma'aji, "Dubu biyar ɗin kowane gida ne ko kowane mutum?", wadda gaisuwar Juma'a ta binne ba a amsa ba.

Kusa da kowane layi rubuta sunan wanda ya faɗa da lokacin, don mai musu ya koma ya gani. Sannan ka tura taƙaitawar cikin guruf ɗin ka ce, "Wanda ya ga gyara ya yi magana kafin Isha'i," kuma ka ambaci sunan duk wanda aiki ya hau kansa da alamar @.