Makin Flesch ko bakin mai karatu: wa za a saurara?

Idan ana gyara sanarwar da za a liƙa wa jama'a, ana iya auna ta da na'ura, ana kuma iya miƙa ta ga wanda aka rubuta dominsa.

Ma'aunin sauƙin karatu da Rudolf Flesch ya fitar a 1948 abu biyu kawai yake ƙirgawa: yawan kalmomi a jimla, da yawan gaɓoɓi a kalma. Makin da yake bayarwa yakan faɗa tsakanin 0 da 100, kuma 60 zuwa 70 ake ɗauka rubutu mai sauƙi. Nan take zai tona asirin jimla mai kalmomi 40, ka raba ta uku. Amfaninsa ke nan. Sai dai da Turanci aka gina lissafin. In ka ɗora shi kan wani harshe, lambar ba abin dogaro ba ce.

To, ɗauki sanarwar ɗauke ruwa: "Za a rufe ruwa ranar Talata. A tanadi na sha." Jimlolin gajeru ne, na'ura ba za ta ce uffan ba. Amma miƙa wa mutum biyar, ka ce kowa ya faɗi abin da zai yi. Na farko zai tambaya, wace Talatar? Na biyu, daga ƙarfe nawa, kuma har da layinmu? Ma'auni bai san an manta kwanan wata ba. Kai, ko juya kalmomin jimla ka yi baibai, makin ba zai motsa ba.

Gwaji da mutane yana cin lokaci, kuma wasu don kunya sukan ce sun gane. Shi ya sa ba na tambaya "ka gane?", sai in karɓe takardar in ce a maimaita mini da baki.