Kwana biyar a asibitin Gwanju da takardun da suka biyo baya

Yaya, bayan gaisuwa da tambayar iyali da mutanen Sabon Gari, ga bayanin jinyar ƙanenmu, tun da ka ce ta waya ba ka gane lissafin ba.

Kwanansa huɗu da saukowa Gwanju ta ƙasar Sin ciki ya murɗe shi da tsakar dare. Likita ya ce afandisit ne, sai aiki. Kafin a ba shi gado sai da na ajiye yuwan 10,000 a kes. Haka tsarinsu yake: ana ajiye kuɗi a gaba, suna cirewa kullum, in sun kusa ƙarewa a ce ka ƙaro. Amma ba irin wahalar gida, inda za a miƙo maka ordonansi ka hau kabu-kabu kana zagayen farmasi neman ruwa da allura. Magani da hoto da gwajin jini duk a gini ɗaya suke. Abinci da zaman jinya kuwa sak Maraɗi, naka ne zai yi maka. Ni na riƙa kai masa romo daga wajen Musulmin unguwar Shiyawbe. Kwana biyar, kuɗi suka tashi yuwan 18,000.

Asiransin wajen aikinsa na biyan kashi 80 cikin 100, amma sai mutum ya biya da aljihunsa sannan ya nemi a maido. Ranar sallama wani ɗan Tasawa da ya daɗe a nan ya tare ni a ƙofa, ya ce in koma ciki, takardun ba su cika ba. Takarda uku ce. Akwai rasidin gwamnati da suke kira fafiyawo, mai jan hatimi. Akwai dogon jerin da ke nuna kowace allura da kuɗinta. Sai rahoton sallama mai faɗin cutar da aikin da aka yi. Ni ƴar takardar ajiyar kuɗi kawai na riƙo, wadda ba ta nuna an yi wa kowa magani ba. Da muka duba kuma, sai ga sunansa an cinye harafi biyu, bai dace da na fasfo ba. Nan take suka gyara suka sake buga hatimi. Da ya riga ya hau jirgi, wa zai bi masa?

Duka da rubutun Sinanci suke, don haka sai an juya su zuwa Faransanci. Wani ɗalibi ya yi mana fassarar farko kyauta, Allah ya saka masa, amma masu asiransi suka ƙi karɓa: ta tafinta mai rantsuwa suke so, da sa hannu da hatimi. Aka sake, aka biya. Na sa an ɗauki hoton kowane shafi kafin a aika da na asali.

Inda muka sha kashi shi ne canji. Ka san sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957 kullum, shi ya sa wanda ya yi jinya a Faransa ba ya da gardama. Yuwan kuwa kamar naira take a bakin ƴan canjin hanyar Ɗan Isa, yau daban gobe daban. Ku kun zuba sefa a Maraɗi wajen mai tura kuɗi, abokin huldarsa ya zubo mini yuwan a WeChat, a kan sefa 88 kowace yuwan. Wato miliyan 1 da jika 584 suka fita daga hannunku. Sai dai wannan ciniki na amana ne, ba ya da takarda. Da masu asiransi suka nemi shaidar farashin, ba abin da za mu nuna sai saƙon murya.

Sai aka koma ga farashin hukuma na ranar da ke jikin rasidin. Babban bankin Turai na wallafa canjin yuro da yuwan kowace ranar aiki. Muka fitar da shafin ranar muka haɗa da sauran takardu. Yuro ɗaya ya kama yuwan 7.8. Raba 18,000 da 7.8, ka ninka da 655.957, za ka samu kusan miliyan 1 da jika 514. Jika 70 sun tafi a nan tun kafin a taɓa maganar kashi 80. Abin da suka maido miliyan 1 da jika 211 ne, ragowar jika 373 da ladan tafinta a kanmu suke.

Da da katin bankinsa aka biya, takardar banki za ta nuna sefa nawa aka cire da ranar da aka cire, ko da banki ya ci nasa. Katin yana aljihunsa, amma bai sa an ɗaga masa iyakar cirewa ba kafin ya taso.

Yana tafe ranar Alhamis. Likita ya hana shi ɗaukar kaya mai nauyi na ƴan makwanni, don haka ka aiko yaro ya tarbe shi a tasha. A gaida Inna.