Daga Arfa zuwa Muzdalifa da Mina: bas, jirgi ko ƙafa?

"Mu 90 ne a rukuninmu, akwai tsofaffi 12. A ranakun aikin Hajji, wanne ya fi mana tsakanin bas da jirgin ƙasa?"

Malam, jirgin nan ba zaɓinka ba ne. Tun 2010 yake aiki, tashoshinsa 9, uku a Arfa, uku a Muzdalifa, uku a Mina, kuma bai kai Harami ba. Ana hawansa ne idan kamfanin da ke kula da tantinku ya saka ku a tsarinsa. Tambayi jami'inku tun kuna Makka. In an ba ku, tafiyar 'yan mintoci ce, babu cunkoson titi. Wahalarsa a ƙasa take: tattaki daga tanti zuwa tasha, tsayuwa a bakin ƙofa har a kira ayarinku, sannan yawanci a tsaye za a tafi. Tsoho mai ciwon gwiwa ya fi jigata a nan.

Bas kuwa har bakin tanti yake zuwa, kowa da kujerarsa, ku 90 bas biyu sun ishe ku. Amma bayan faɗuwar rana ranar 9 ga Zulhijja kowa lokaci guda yake barin Arfa, bas ɗin kuma sawu-sawu suke yi: su kai wasu, su dawo su ɗebi wasu. Tazarar ba ta kai kilomita 10 ba, amma ana iya shafe awoyi. Duk da haka a wannan zangon bas na fi so, don jiran a zaune ake yinsa, kusa da ruwa da bayi.

Da asuba lissafin ya juye. Daga Muzdalifa zuwa Mina bas na maƙalewa cikin masu tafiya a ƙasa, mai lafiya kan riga shi isa da ƙafa. Saboda haka ku raba ayarin. Tsofaffin 12, kowane biyu da mai kula da su ɗaya, 18 ke nan, su bi bas bayan tsakar dare, tunda an yi wa masu rauni sassauci. Sauran 72 su kasu huɗu, kowane kashi da jagora mai riƙe da tuta da jerin sunaye, su taka bayan sallar asuba. Mutum 72 ba sa tafiya a dunƙule cikin wannan taron. Ɗaya ya tsaya gyara takalmi, an rabu ke nan.

A ƙirga mutane a ƙofar bas, da suna, kafin direba ya ja. Wanda aka bari a Muzdalifa ba ya gane inda aka sauke shi, ko'ina farin harami ne. Kowa ya rataya katinsa na Nusuk, wato katin shaidar mahajjaci, lambar tantin Mina kuma a rubuce a takarda cikin jakarsa, don waya kan mutu kafin gari ya waye.