Arial ko Verdana: wanne ya fi dacewa da lambar waya a katin kasuwanci?

"Assalamu alaikum. Zan buga katin shagona na ɗinki, da lambobin waya biyu da imel da adireshi. Mai zanen ya nuna min salon rubutu biyu, Arial da Verdana, ya ce in zaɓa. Wanne zai fi karantuwa idan rubutun ya yi ƙanana?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Verdana zan zaɓa miki, matuƙar katin na da fili.

Matthew Carter ne ya zana Verdana, Microsoft ta fitar da shi a 1996, kuma tun farko don ƙaramin rubutu aka yi shi. Haruffansa masu faɗi ne, akwai tazara a tsakaninsu, bakin lambobinsa kuma a buɗe yake. Arial, wanda kamfanin Monotype ya yi a 1982, ya fi shi matsewa. Ki ce wa mai zanen ya rubuta 3 da 8, sannan 6 da 9, ya ƙara girmansu a kwamfuta ki duba. A Arial za ki ga wutsiyar 6 da ta 9 sun lanƙwaso sun kusa taɓa cikinsu, 3 ma ta kusa rufe bakinta. A babban allo wannan ba komai ba ne. Amma a ƙaramin rubutu mai 7 pt, a ma'aunin girman haruffa, idan tawada ta ɗan bazu a takarda, ƙofar nan takan toshe, sai mai karatu ya ga 8 inda kika sa 6. Lamba guda ta kuskure, kiran ya tafi wajen wani.

A imel ma Verdana ne gaba. A Arial babban I da ƙaramin l sanda ɗaya ce tsaye, da kyar ake raba su. A Verdana babban I yana da ɗan gicciye sama da ƙasa, 1 kuma tana zaune a kan gindi, kowanne da kamanninsa.

Inda Arial ya yi nasara shi ne wajen tattalin wuri. Lambar wayar Najeriya mai lambobi 11, idan an raba ta huɗu, uku, huɗu, tana cin kusan milimita 19 a Arial 8 pt, a Verdana kuwa kusan 22. Kati mai faɗin milimita 85, ki bar 5 a kowane gefe saboda yanka, saura 75. Tambarin shago ya ɗauki 25, saura 50. Lambobinki biyu a layi ɗaya za su zauna daram a Arial, amma a Verdana sun ci 44 tun kafin a sa tazara tsakaninsu. Ni dai na fi son kowace lamba ta samu layinta, sai matsalar ta kau. Dogon imel ne ke da wuyar sha'ani, don ba a karya shi biyu. Idan ya ƙi shiga, kada ki yarda a ja rubutun a matse shi da linzami, domin hakan na sirantar da sandunan haruffa. Gara a koma Tahoma. Shi ma zanen Carter ne, kamanninsa kusan na Verdana, amma lambobinsa ba su fi na Arial cin wuri ba.

Akwai abin da masu zane ke yawan mantawa. Idan sunanki ko adireshinki na da ƙ, ɗ ko ɓ, kamar Ƙofar Mata, a rubuta shi a cikin salon da aka zaɓa a duba da kyau. Harafin ya fito kamar akwati, ko ya fi 'yan'uwansa kauri ko siranta, to salon ba shi da shi, kwamfuta ce ta aro daga wani. Noto Sans yana da su duka, kuma kyauta ake samunsa.

Ko wanne kika ɗauka, lambar waya ta zama 8 pt ko 9 pt, adireshi kada ya gaza 7 pt. Ƙaramin rubutu a yi shi da baƙar tawada zalla, wato K 100, domin baƙin da aka haɗa daga launi huɗu yakan fito da inuwa idan injin ya ɗan goce. In kuma farin rubutu kike so a kan launi mai duhu, a ƙara masa kauri da girma, don tawadar kewaye tana cin gefensa. Idan da manhajar zane ta CorelDRAW ake aikin, a yi Convert to Curves da Ctrl+Q, wato a mai da rubutun zane, kafin a kai wajen bugu, kada kwamfutarsu ta musanya salon da wani.

Kafin ki biya kuɗin bugu, ki sa a fitar miki da guda biyu a takarda, ɗaya Arial ɗaya Verdana, a ainihin girman katin. Ki miƙa wa wani dattijo a cikin shago da yamma, ki ce ya karanto miki lambar da ƙarfi, ke kuma kina dannawa a wayarki. Wanda ya sa shi tsayawa ko kusanto da takardar fuskarsa, a bar shi a ɗauki ɗayan.