Sharhi: manhajar rasit da naira biyun da ke hana lissafi haɗuwa

Manhajar da muke fitar da rasit da ita a shagon kayan gini nan Ringim tana aiki ko babu sabis, kuma ita ke ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da kanta. Ta wannan ɓangaren ba ni da ƙorafi. Matsalarta tana wurin cike kwabo zuwa naira. Hanya biyu gare ta: ko ta cike harajin kowane layi daban sannan ta tara, ko ta tara kuɗin kaya duka ta cire haraji ta cike sau ɗaya. A kan ta farkon take zuwa, kuma ba ta faɗa maka.

Ga rasit mai layi huɗu. Kwaɗo naira 1,300, harajinsa 97.50. Sakata 900, harajinta 67.50. Burushin fenti 700, haraji 52.50. Ƙusa ta 2,500, haraji 187.50. Idan layi-layi aka cike, za su koma 98, 68, 53 da 188, jimla 407. Idan kuwa aka tara kayan, 5,400 ne, kashi 7.5 ɗinsa 405 cif. Kaya ɗaya, haraji ɗaya, amma ga naira biyu a tsakani.

Ba kuskuren lissafi ba ne. Duk cikewa tana ƙara ko rage abin da bai wuce rabin naira ba. Hanyar farko ta yi haka sau huɗu, ta biyu sau ɗaya. Wasu na cewa ai ƙari da ragi suna cinye juna. A kasuwarmu ba haka ba ne, kuma nan ne abin ya fi damuna. Farashinmu ɗari-ɗari yake tafiya, harajin naira ɗari kuwa 7.50 ne. To duk farashin da ɗaruruwansa mara ne, kamar 700, 900 ko 1,300, harajinsa zai ƙare da kwabo hamsin, manhajar kuma sama take kai kwabo hamsin kullum. Wanda ɗaruruwansa cika ne, kamar 800, ba shi da ragowar kwabo sam. Ke nan a irin wannan farashi babu layin da ke saukowa ƙasa, ƙarin yana hawa ne kawai a kan mai saye.

Mutumin da ya zo da kuɗi a hannu ba zai kula ba. Ɗan kwangilar da ke gyaran aji a ƙauye zai kula, domin akawun da zai biya shi zai buga 5,400 sau 0.075 a kalkuleta, ya ga 405, ya dawo da takardar. Haka a ƙarshen wata: harajin da ke kan rasit-rasit zai fi kashi 7.5 na jimlar ciniki. Alamar da za ka gane cikewa ce ke jawo shi, gibin kowane rasit ba ya wuce kusan rabin naira sau yawan layukansa. In ya zarce haka, nemi dalili a wani wuri.

Wani wurin kuwa sau da yawa shi ne cikewa a kan guda ɗaya na kaya, wadda ta fi duka muni. Sakata 40 a kan 900: in aka mai da 67.50 ta zama 68 kafin a ninka, haraji 2,720 ne, alhali na 36,000 shi ne 2,700.

Mai son gwada tasa manhajar ya zuba farashin nan huɗu a Excel daga B2 zuwa B5:

```
=ROUND(SUM(B2:B5)*0.075,0)
=SUMPRODUCT(ROUND(B2:B5*0.075,0))
```

Na farko zai ba da 405, na biyu 407. Wanda ya yi daidai da rasit ɗinka, shi manhajarka ke bi.

Zaɓina shi ne cikewa a kan jimlar rasit, a kuma bar kwabo ya fito a gurbin haraji. In aka bar lamba biyu bayan ɗigo, 97.50 na nan a 97.50, hanyoyin biyu duk su ba da 405.00 a wannan misalin. In canji ya gagara, a daidaita wajen karɓar kuɗi, kada a taɓa harajin. Sai dai a lura: in rasit ya haɗa da kayan da ba a ɗora wa haraji, a ware jimlarsu gefe tukuna. Manhajar tana yin wannan daidai muddin an yi wa kowane kaya alamarsa.

Layi-layi na da ranarsa. Shagon da ake yawan dawo wa da kaya zai ji daɗinsa, don harajin kwaɗon da aka dawo da shi na rubuce a gabansa. Haka in babban dilan da kake hulɗa da shi a Kano layi-layi yake yi, bin tsarinsa zai rage muku gardama, amma da kwabo, ba da cikakkiyar naira ba.

Uku cikin biyar na ba manhajar. Maɓallin sauya tsarin yana can ƙarshen saitin haraji, kuma ba ta rubuta a rasit wace hanya aka bi. Wanda zai sauya ya bari sai ranar ɗaya ga wata, don kada lissafin wata guda ya zo da tsari biyu.