Gargaɗi a kan saitin wanke fuska da ake tallatawa a sitatus

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Shekarata takwas ina sana'ar kwalliyar amare, kuma ban saba fitowa ina yin magana a kan kayan wani ba, domin na san zafin neman na kai. Amma abin da ya sami ƙanwata a watan jiya ya sa na ga shiru ba nawa ba ne. Akwai wata mai sayar da kayan gyaran fata da ke tallata wani saiti a sitatus ɗin WhatsApp da Instagram, kwalba biyu da ɗan gwangwani ɗaya: man wanke fuska, da daskararren man wanke fuska, da ruwan maisela na goge kwalliya. Tana cewa daga Koriya ake kawo mata a manyan jarkoki, ita kuma ta ɗura a ƙananan kwalabe don ya yi wa mutane sauƙi. Ba zan kama sunanta ba, kuma ba ita kaɗai ke wannan ba, yau a rufe shafi gobe a buɗe wani da sabon suna. Gara ku san kayan da kansu.

Ƙanwata tana shafa man kare rana, wato sanskirin, kullum kafin ta fita makaranta, ta ɗora hoda a kai. Ta ji ana cewa irin wannan sai an yi wanki biyu da daddare kafin ya fita, kuma akwai gaskiya a ciki, musamman ga wanda aka yi shi don kada gumi ko ruwa su wanke shi. Sai ta tura dubu goma sha takwas ba tare da ta tambaye ni ba. Kwana tara da fara amfani ta shigo ɗakina ta ce, "Yaya, duba min goshina." Ƙananan ƙuraje ne birjik tun daga goshi har gefen kumatu, fuskar tana ƙyalli kamar an shafa mata man suya, idonta na hagu kuma ya yi ja yana ruwa.

Na ce ta ɗauko min kayan. Abu na farko da na yi shi ne na zuba man nan kaɗan a tafin hannuna, na ɗiga masa ruwa, na murza. Ruwan ya tsaya gefe, man ya tsaya gefe, kamar dai yadda man gyaɗa ke yi a kan ruwan wanke-wanke. Nan take na san an cuce ta.

Bari in yi bayanin dalili, don wannan gwajin shi ne zuciyar maganar. Sanskirin da fandeshan da jan baki da maskara, yawancinsu da sinadaran da ruwa ba ya narkarwa aka haɗa su, shi ya sa mai ne ke iya narkar da su. To amma idan mai ya narkar da kwalliyar, shi kuma wa zai ɗauke shi daga fuska? Saboda haka ne masu haɗa man wanke fuska na gaskiya suke zuba masa wani sinadari mai haɗa mai da ruwa. Da busasshen hannu ake shafa man a busasshiyar fuska, a murza a hankali kamar minti ɗaya, sannan a jiƙa hannu a ci gaba da murzawa. A daidai lokacin da ruwa ya taɓa shi, sai ya koma fari kamar madara, ya saki, ya bi ruwan ɗauraya ya tafi da dattin da ya kwaso. Idan kika juya bayan kwalbar gaskiya za ki ga jerin abubuwan da aka haɗa, kuma a ciki za ki tarar da suna irin Polysorbate 80 ko PEG-20 Glyceryl Triisostearate. Su ne masu wannan aikin. Kwalbar ƙanwata ba ta da jeri ko ɗaya, sai sitika mai hoton fure da lambar waya.

Abin da ke cikin kwalbar mai ne zalla da aka ɗiga wa turare. Ba na ce mai zalla guba ba ne, iyayenmu sun daɗe suna goge kwalli da man zaitun ko man kaɗanya. Amma su sun san abin da suka shafa, sun bi shi da tsumma da sabulu, kuma ba su biya kuɗin kayan Koriya ba. Ita kuwa yarinyar nan an ce mata ta ɗauraye da ruwa kawai. Ruwa ba ya ɗauke mai, don haka kowane dare tana kwana da haɗin mai da sanskirin da hoda da ƙurar titi a fuskarta, har kwana tara. Ina abin mamaki don ƙuraje sun fito?

Na buɗe gwangwanin. Daskararren man wanke fuska na gaskiya, da zarar ya ji ɗumin yatsu sai ya narke ya zama mai, ya kuma koma fari idan ruwa ya taɓa shi, domin shi da na kwalba abu ɗaya ne, kaurin ne kawai ya bambanta. Wannan kuwa na murza na murza yana nan da danƙonsa, na sa hannu a ƙarƙashin famfo ruwan yana gangarewa ta kansa. Basilin ne aka zuba wa kala ruwan hoda. Ko ƙamshin turaren bai iya ɓoye shi ba.

Ruwan maiselan ne ya fi tayar min da hankali, saboda shi ake kai wa ido. Na gaskiya ruwa ne mai ɗauke da sinadarin wanki mai laushi, wanda ƙwayoyinsa ke dunƙulewa su kama maiƙo. Ana jiƙa auduga da shi, a ɗora a kan rufaffen ido kamar daƙiƙa goma, sannan a share a hankali ba tare da dirza ba. Akwai kuma mai hawa biyu, mai a sama ruwa a ƙasa, wanda ake girgizawa kafin a zuba, shi ne na maskarar da ba ta jin ruwa. Duk abin da yawancinsa ruwa ne, dole a sa masa sinadarin da ke hana shi lalacewa, a kuma ɗura shi a wuri mai tsafta, in ba haka ba ƙwayoyin cuta su yi gida a ciki, balle a zafin garin nan. Da na ɗaga kwalbar ƙanwata a hasken taga, sai na ga wasu zare-zare farare suna yawo a ƙasa. Na girgiza, kumfa ta cika kwalbar ta ƙi kwanciya kamar ta sabulun wanke kwanuka. Na gaskiya ma yana ɗan yin kumfa idan an girgiza, don haka kumfa kaɗai ba hujja ba ce. Amma kumfa mai kauri, da gurɓataccen ruwa, da yajin ido, idan suka haɗu a kwalba ɗaya marar suna, ba sai an yi miki fassara ba.

Akwai wata yaudarar da ke cikin tsarin saitin kansa, wadda ko da kayan na gaskiya ne sai ta ci kuɗinki a banza. Wanki biyu na nufin mataki biyu. Na farko shi ne abin da zai narkar da kwalliya: ko mai, ko daskararre, ko ruwan maisela, ɗaya daga ciki ya isa. Na biyu shi ne sabulun fuska mai laushi da ake wankewa da ruwa, don ya kwashe ragowar da gumi. Wannan baiwar Allah ta haɗa miki matakin farko har sau uku, ta kira shi cikakken saiti, na biyun kuma babu shi sam. Kuma da daddare kawai ake yinsa, a ranar da aka shafa abu mai nauyi. Ita cewa ta yi safe da dare, a murza minti goma sha biyar har sai "tsakuwar fata" ta fito. Murza irin wannan ba abin da take jawowa sai jan fuska da zafi, kayan kuma su ƙare da wuri a dawo a sake saye.

Na karɓi wayar ƙanwata na yi wa mai kayan magana da ladabi. Na ce, "Hajiya, don Allah mene ne sunan kamfanin da ke yin man nan, kuma ko za ki turo min hoton jarkar da kike ɗurawa daga ciki?" Ta ce sirrin sana'a ne. Na tura mata hoton goshin yarinyar. Amsar da ta bayar ita ce ta sa na zauna rubuta wannan: "Anti kar ki damu, fata ce take fitar da dattin ciki, alamar yana aiki ke nan. Ta ci gaba, kuma akwai kirim ɗin da zan haɗa mata na dubu bakwai, kwana uku zai share su har ta ƙara haske."

Ku ji ni da kyau a nan. Akwai magungunan ƙuraje da ke sa fata saurin sabuntawa, waɗanda a makonnin farko ƙurajen kan ɗan ƙaru kafin su lafa, kuma likita kan faɗa miki tun kafin ki fara. Man wanke kwalliya ba ya cikinsu. Minti ɗaya yake yi a fuska ya tafi, ba shi da aikin fitar da wani dattin ciki. Idan ƙuraje sun fito bayan kin fara shi, to bai karɓe ki ba ne ko kuma ba ya fita, sai ki tsaya. Shi kuma kirim marar suna da ke share ƙuraje cikin kwana uku ya ƙara haske, irinsa ne ake samu da sitiroyid a ciki, mai kwantar da ja da wuri, sannan ya sirantar da fata, ya fito da jijiyoyi, ranar da kika daina kuma fuskar ta rikice fiye da da. Wato ta sayar miki da ciwon, ta dawo ta sayar miki da wanda ya fi shi. Da na faɗa mata haka, sai ta toshe lambar.

Washegari na kai ƙanwata asibitin ido. Aka duba aka ba ta maganin ɗigawa, aka ce ta bar kwalli da maskara har sai ya warke, ta kuma zubar da maskarar da take amfani da ita a kwanakin. Duk wadda ta sa irin ruwan nan idonta ya yi ja, ko yana kwantsa, ko ba ya son haske, kada ta tsaya jiran ya wuce da kansa. Fuskar kuwa ba mu sa mata komai ba sai sabulun fuska mai laushi da man shafawa marar turare, muka hana ta matsa ƙurajen don kada su bar baƙin tabo. Sai da aka yi kusan mako uku kafin goshin ya kwanta.

Yanzu idan wata ta kawo min kwalba ta ce in duba mata, bayanta nake fara juyawa. Ina neman sunan kamfani da adireshinsa, da jerin abubuwan haɗi, da lambar rukunin da aka yi shi, da ranar lalacewa, da lambar rajistar NAFDAC, da ɗan hoton buɗaɗɗen gwangwani mai 6M ko 12M, wanda ke nuna watannin da zai yi bayan an buɗe. Ana iya buga sitikar ƙarya, na sani, shi ya sa ba na tsayawa a nan. Sai na ja layin jan baki a bayan hannuna, na shafa man, na ɗiga ruwa, na jira in ga madara. Kwalaben ƙanwata suna nan na ɗaure su a leda tare da hoton rasidin tura kuɗin da hirarrakin da muka yi, ranar Litinin in Allah ya kai mu zan kai su ofishin NAFDAC na jiharmu. Duk wadda ta sayi irin saitin nan, kada ta zubar da nata kwalaben, ta adana su da shaidar biyan kuɗinta.