Kafin ka biya kuɗin manhajar faɗaɗa hoto: wadda ke riƙe layi da wadda ke ta maimaita ginshiƙi

Mai ɗaukar hoto ko mai zane yakan tsinci kansa da hoto a tsaye, alhali shafin da zai sa shi a kwance yake so. Nan ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu ƙara wa hoto gefe ke shigowa. Dukkansu za su iya ƙara sama da gajimare ko ciyawa ba tare da kowa ya lura ba, don haka kada ka gwada su da wannan. Inda ake gane ta ƙwarai shi ne hoton da ke da gini: ginshiƙai, tayil, tagogi, dogon baranda. A nan ne ake ganin cuta biyu, wato maimaita abu ɗaya da karkacewar layuka, kuma a kan su biyun ya kamata ka yi zaɓinka.

Maimaici yana da sababi. Injin ba ya sanin me ke bayan gefen hotonka, hasashe yake yi daga abin da ke kusa da gefen da kuma abin da ka rubuta masa. Idan gefen ya ƙare da taga, abin da ya fi masa sauƙi shi ne wata taga irinta, da labule iri ɗaya da tabon bango iri ɗaya. Sannan kowane samfuri da girman da aka horar da shi a kai: Stable Diffusion 1.5 a kan fiksil 512 da 512, SDXL kuma a kan kimanin 1024 da 1024. In ka ba shi fili da ya zarce wannan sosai a lokaci guda, sai ya ɗauke shi kamar hotuna biyu a manne, ya sa wa kowanne nasa jigon. Shi ya sa mutum ɗaya ke komawa biyu. Sababi na uku laifin mai aiki ne: ya bar bayanin hoton gaba ɗaya a akwatin umarni, har da "mace a tsaye", sai injin ya cika umarni ya zana wata macen a sabon filin.

Karkacewar layuka ta fi wuyar magani, don lissafi ce. A hoton gaske, duk layukan da ke tafiya daura da juna zuwa nesa, bakin rufi da layin tayil da gindin bango, suna nufar ɗigo ɗaya. Injin yana koyi da kamannin wannan, amma ba ya auna shi. A ƙari na farko layin ya kauce da ɗan kaɗan, ƙari na biyu ya ɗora a kan kaucewar, kafin na uku dabe ya fara hawa kamar tudu. Akwai kuma iyakar da ruwan tabarau ya gindaya. Hoton da aka ɗauka da milimita 50 a kyamara mai cikakken firam yana ganin kusurwa wajen digiri 40 a faɗi. In ka ninka faɗinsa ya koma wajen 72, abin da ido ya saba da shi. Amma na milimita 24, wanda babbar kyamarar wayoyi da yawa ke kusa da shi, yana farawa ne daga wajen 74, ninkinsa kuma 113 ne, daidai da tabarau mai milimita 12. A irin wannan faɗin dole abubuwan gefe su miƙe su yi faɗi, injin kuwa yakan zana su da siffar na tsakiya, sai hoton ya yi wani iri ko da ba ka iya nuna inda aibin yake ba. Babu manhajar da za ka saya ta soke wannan. Hoton waya na cikin ɗaki, ni dai ba na ba da shawarar a ƙara masa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinsa a kowane gefe.

To, wacce za a ɗauka? Zaɓina shi ne ComfyUI, manhajar kwamfuta da ake haɗa akwatunan aiki a cikinta, da samfurin da aka horar musamman don cike gurbi, ko na SDXL ko FLUX.1 Fill da Black Forest Labs suka fitar a Nuwamban 2024. Dalilina ɗaya ne: a nan kake da iko a kan duk abubuwan da na lissafa a sama, wato yawan ƙari, abin da injin ke gani, umarni, da layukan da zai bi. Manhajar kyauta ce, amma kada a ruɗe ka, kuɗin yana wani wuri. SDXL yana son katin hoto mai ƙwaƙwalwa wajen gigabait 8 kafin a yi aiki cikin natsuwa, FLUX ya fi haka ci, kuma koyon haɗa akwatunan yana cin kwanaki. Lasisin FLUX.1 Fill na `dev` yana da sharaɗi kan amfani da samfurin a harkar kasuwanci, don haka karanta shi da kyau kafin ka gina sana'a a kansa.

Ga misali. Hoton baranda ne mai 1024 a faɗi da 1280 a tsayi, ginshiƙai a dama, tayil a ƙasa, mutum ɗaya a tsakiya, ana son ya koma 16:9. Tsayi 1280 yana buƙatar faɗi wajen 2276. A mayar da shi 2272 don ya rabu da 8, tunda waɗannan samfura suna matse hoto sau 8 kafin su yi aiki a kansa. Ƙarin ke nan 1248, wato 624 a kowane gefe. Lura da cewa asalin hoton kashi 45 cikin ɗari ne kawai na abin da zai fito, sauran duk ƙirƙira ce. Wanda ya zuba 624 ɗin a tashi ɗaya shi ne zai ga mutum na biyu.

Kafin komai, buɗe hoton a kowace manhajar zane, ka ja layi a kan bakin rufi da layin tayil biyu ko uku har su haɗu. Wannan mahaɗar ita ce alƙiblarka. Daga ita sai ka miƙa layukan zuwa waje har iyakar sabon filin, farare a kan baƙi, ka ajiye wannan zanen daban. Shi za ka ba ControlNet na layuka, wato ƙarin samfurin da ke sa injin ya bi zanen da ka ba shi, irin `MLSD` ko `lineart`, wanda ya dace da samfurin da kake amfani da shi, da ƙarfi wajen 0.6 zuwa 0.8 don farawa. Minti goma da ka ɓata a nan ya fi gwaji talatin.

Sai ƙarin kansa, gefe ɗaya a lokaci guda, 208 sau uku. A kowane zagaye yanko 816 na ƙarshe daga hoton, ka ƙara 208, ya zama 1024, don kada ka fita daga girman da samfurin ya sani. Akwatin `Pad Image for Outpainting` ne ke yin wannan:

```
left: 0   top: 0   right: 208   bottom: 0
feathering: 40
```

`feathering` shi ke sassauta mahaɗin tsoho da sabo. In ya yi kaɗan za ka ga layi a tsaye kamar ɗinki, in ya yi yawa zai ci cikin asalin hoton. Idan ta `VAE Encode (for Inpainting)` ka bi, bar `denoise`, wato ƙarfin sake zane, a 1.0, don ƙasa da haka toka-toka zai fito maka. Umarni kuma ya faɗi abin da ke sabon filin kaɗai: fili babu kowa, bango, ƙarshen baranda, lambu a nesa. A SDXL rubuta "mutum" a akwatin abin da ba a so. Canja `seed`, wato lambar da injin ke fara zane daga gare ta, a kowane zagaye, ka kuma canja umarnin: in zagaye na farko ya ba da ginshiƙi, na biyu ka nemi ƙofa ko kwanar bango. Ginshiƙai masu kama da juna ba aibi ba ne, gini haka yake. Aibin shi ne tsaga ɗaya da inuwa ɗaya a jikin kowanne, ko tazarar da ta ƙi raguwa yayin da suke nisa.

Mataki na ƙarshe mutane da yawa kan manta shi. Duk lokacin da hoto ya shiga matsewa ya fito, yana rasa ɗan kaifi, launi ya ɗan gusa. Bayan zagaye shida fuska ta canja. Don haka a ƙarshe ɗora asalin hoton a mazauninsa da `ImageCompositeMasked`, sannan ka ƙara ɗan ɓarɓashi a sabon gefen, domin yakan fito sumul fiye da hoton kyamara.

Na biyu a wurina Generative Expand ne na Photoshop, wanda ya bayyana a 2023. Ka ja firam da kayan yanka, ya ba ka zaɓi uku a shimfiɗa ta daban, asalin hotonka bai taɓu ba. Ga mai gaggawa da ƙari kaɗan babu kamarsa, kuma dabarar ƙara kaɗan-kaɗan tana aiki a cikinsa. Sai dai ba ka da hanyar tilasta masa bin layinka, kuma a babban hoto sabon gefen yakan yi laushi in ka zuƙo shi. Zoom Out da Pan na Midjourney suna da kyau ga zanen da aka ƙirƙira, amma kyan gani suka sa gaba, ba awon gini ba. Magic Expand na Canva ya ishi hoton da za a kalla a waya, iyakarsa ke nan.

Yanzu ga inda kuɗin mutane ke salwanta. Tallar "kafin da bayan" ita ce ta fi sauƙin yi wa maguɗi a wannan fanni: a ɗauki cikakken hoto na gaske, a yanke gefensa, a nuna yankakken a matsayin "kafin", asalin kuma a matsayin "bayan". In ka ga rubutun allo a sabon gefen yana karantuwa sarai, ko tambarin kamfani daidai, ko taron mutane kowa da yatsunsa cikakku, yi shakka. Tallar da duk misalanta teku ne da duwatsu ita ma ba ta gaya maka komai ba. Akwai manhajojin waya da ba sa ƙirƙirar komai, gefen hoton suke juyawa kamar madubi ko su ja shi su dusashe. Za ka gane su in reshen da ke dama ya dawo a juye. Wasu kuma gwajin kwana uku suke bayarwa, daga nan su fara cirar kuɗi mako-mako, ko su bar ka ka gama aiki sannan su ce sai ka biya kafin a cire tambarinsu ko a ba ka cikakken girma. Duba abin da ka sauke: hoton da ya shiga da 4000 a faɗi ya fito da 1024 an cuce shi, komai kyan gefensa.

Mafi hatsari su ne shafukan bogi masu sunan sanannun manhajoji, da ke cewa ka sauke "cikakken bugu kyauta" a kwamfuta. Irin waɗannan fayiloli an sha kama su da satar kalmomin sirri. Ko a ComfyUI ɗin ma a kula: ƙarin akwatunan da wasu ke rubutawa shiri ne da ke gudana a kwamfutarka, kada ka sa wanda ba ka san tushensa ba, samfuri kuma ɗauki mai ƙarshen `.safetensors` maimakon `.ckpt`, don na biyun yana iya ɗauke da umarnin ɓoye. Manhajar da ke aiki a intanet kuwa, karanta ko tana ajiye hotunan da ka ɗora ko tana horar da injinta da su, musamman in hoton abokin ciniki ne.

Kafin ka biya ko sisi, yi wannan gwajin da hotonka. Zaɓi wanda ke da tayil da ginshiƙai, yanke kashi ɗaya cikin biyar a kowane gefe, ka ba manhajar ta mayar. Ja layi a kan tayil ɗin da ta zana ka ga ko ya nufi mahaɗar asali, ƙirga mutane da tagogi, zuƙo mahaɗin ɗari bisa ɗari, sannan ka ɗora sakamakon a kan asalin ka ga ko ta taɓa tsakiyar. Maimaita sau uku, don sa'a ɗaya ba shaida ba ce.